Ranarki Darensa: Yadda Za Ku Gyara Soyayyar Nesa Idan Ɗaya Ya Fara Jin An Yi Watsi da Shi

Kukan da aka fi ji daga bakin masoyan da nisa ya raba shi ne "ba ka da lokacina." Amsar da ke biyo baya ita ma sananniya ce: "kin san fa aiki nake yi." Yawanci duk su biyun gaskiya suke faɗa, shi ya sa rigimar ba ta ƙarewa. Ana yin ta yau, a shirya, bayan kwana huɗu a sake ɗauko ta daga inda aka ajiye.

Abin da na lura da shi shi ne, ƙarancin hira ba shi ne ya fi cin rai ba. Jiran da ba a san ƙarshensa ba shi ke cinye mutum. Wadda ta san za a kira ta ƙarfe shida na yamma tana iya yin hidimarta ta yini da kwanciyar hankali, ko da kiran na minti goma ne. Wadda aka ce wa "zan kira in na samu sarari" kuwa, waya ba za ta bar hannunta ba tun safe, kuma duk ƙarar da ta ji sai gabanta ya faɗi. Saboda haka duk matakan da zan kawo a nan abu guda suke nufi: a mayar da jira ya zama lokaci sananne, sannan a raba wahalar bambancin agogo tsakanin mutum biyu.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce ita malamar makaranta ce, shi kuma ma'aikacin jinya ne a wata ƙasa da agogonta ke bayan nata da awa 6. Ita ce ke jin an manta da ita. Ana iya juya misalin, domin maza ma suna shiga wannan hali, sai dai da yawansu ba sa furta shi, shiru suke yi su janye jiki.

Mataki na farko: ku zana makonku a takarda, da agogo biyu

Kafin a yi maganar wa ya yi laifi, a fara da lissafi. Kowa ya rubuta lokacin da yake tashi, lokacin fita aiki, hutun tsakiyar aiki, lokacin dawowa gida, da lokacin kwanciya. A rubuta abin da ke faruwa a zahiri, ba abin da ake fatan yi ba. Wanda ake tashi daga aiki ƙarfe 7 amma ba ya isa gida sai 8, to 8 zai rubuta. Daga nan sai a mayar da jadawalin ɗaya zuwa agogon ɗayan, a jera su gefe da gefe.

Ga yadda na mutanen misalinmu ya fito. Tana tashi 5:30 na asuba, tana aji daga 8 na safe zuwa 3 na rana, tana kwanciya 10:30 na dare. Shi yana aikin awa 12, daga 7 na safe zuwa 7 na dare, kwana huɗu a mako. Lokacin da yake tashi daga barci, 5:30 a wurinsa, ita 11:30 ne tana tsakiyar darasi. Lokacin da ya isa gida ƙarfe 8 na dare, ita ƙarfe 2 ne na tsakar dare. Lokacin da ta farka da asuba, shi 11:30 ne na dare, ya yi awa guda da kwanciya. Idan aka duba da kyau, a ranakun aikinsa kafa ɗaya ce tak suke da ita: hutunsa na ƙarfe 12 na rana, wanda ya yi daidai da 6 na yamma a wurinta. Hutun minti 30 ne, kuma a ciki zai huta ya sa wani abu a bakinsa. Abin da ya rage musu bai wuce minti 10 zuwa 15 ba.

A ranakun hutunsa uku kuwa, daga 9 na safe zuwa 4 na yamma a agogonsa, wato daga 3 na rana zuwa 10 na dare a nata, duk su biyun idonsu biyu. Awa bakwai ke nan.

Gani ya kori ji. Wannan takarda tana kashe rabin rigimar tun kafin a buɗe baki. Ita za ta ga cewa shirun da take ji daga safe zuwa yamma barci ne da aiki. Shi kuma zai ga abin da bai taɓa lissafawa ba: duk daren da ya kira bayan ya dawo gida, ta zauna ne har ƙarfe 2 tana jiransa, alhali 5:30 za ta tashi. Barcin awa uku take yi don ta ji muryar mutumin da ya gaji har yana hamma a waya. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7 na barci, kuma wanda ya kwana uku a jere bai samu ba, ƙaramar magana ma sai ta zame masa babba. Jiki magayi. Da yawa daga faɗan da masoyan nesa ke yi da tsakar dare gajiya ce ke magana da bakinsu.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani tun yanzu. Wasu ƙasashe suna tura agogonsu gaba da awa guda a lokacin zafi, su mayar da shi baya da sanyi. A yawancin Amurka da Kanada ana turawa ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, a mayar ranar Lahadin farko ta Nuwamba. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai kuwa Lahadin ƙarshe ce ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Idan ƙasarsa tana yin haka tata ba ta yi, tazarar awa 6 za ta koma 5 na tsawon watanni, kiran ƙarfe 6 na yamma ya dawo ƙarfe 5. An sha yin fushi a kan wannan awa guda, kowa yana rantsuwa shi ne ya cika alkawari. Maganinsa mai sauƙi ne: kowa ya ƙara garin ɗan'uwansa a sashen World Clock na agogon wayarsa, kuma a sa lokutan kira a kalandar waya irin Google Calendar, wadda ke nuna wa kowa lokacin da agogonsa.

Mataki na biyu: ku yi maganar, amma ba a cikin fushi ba

Kada a ɗauko wannan zance ta rubutaccen saƙo, kuma kada a ɗauko shi a hutun minti goma. A ajiye shi sai ranar da akwai sarari, a yi shi da kiran bidiyo. Labarin zuciya a tambayi fuska. Rubutu ba ya ɗauke da murya, "to shi ke nan" da aka rubuta cikin gajiya sai a karanta shi a matsayin fushi.

Yadda aka buɗe maganar shi ke nuna inda za ta ƙare. John Gottman, masanin halayyar ɗan'adam da ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata a Jami'ar Washington, ya nuna cewa zancen da aka fara da zargi yawanci da zafi yake ƙarewa. Idan ta ce "kai kullum ba ka damu da ni ba," abin da zai fara yi shi ne lissafo ranakun da ya kira. Sun koma kotu ke nan. Abin da ya fi shi ne ta kama abu ɗaya da ya faru, ta faɗi yadda ta ji, ta nemi abu ɗaya da za a iya yi. Misali: "Masoyi, ranar Talata ka ce za ka kira, na jira har ƙarfe biyu ban ji ka ba, sai washegari na ga saƙonka. Na kwana ina jin kamar ba na cikin lissafinka. Ina so in ka ga ba za ka samu dama ba, ka turo min layi ɗaya in kwanta."

Shi kuma aikinsa a wannan zama ya fi nata wuya. Ya bar ta ta gama. Kada ya fara da bayanin yadda aikin ya yi yawa, domin ta riga ta sani, kuma jin bayanin a wannan lokaci kamar ana ce mata ba ta da hujjar jin zafi ne. Ya fara maimaita abin da ya fahimta: "Wato ba rashin kiran ne ya fi miki ciwo ba, zaman jiran ne ba tare da kin san halin da ake ciki ba." In ta ce haka ne, sai ya ba da haƙuri a kan wannan, sannan ya faɗi nasa. Domin shi ma yana da nasa. Mai yawan aiki yakan ji cewa duk ƙoƙarinsa ba a gani, har ya fara jin nauyin ɗaga waya saboda ya san ƙorafi zai tarar. Wannan shi ne zagayen da ke kashe soyayyar nesa: tana ƙara bibiya don ta ji shiru, yana ƙara janyewa don ya ji matsi, shirun ya ƙaru, bibiyar ta ƙaru. Sai kowa ya gane rawar da yake takawa sannan zagayen ke tsayawa.

A wannan zama akwai tambayar da nake ganin ta fi kowace amfani, kuma ba a cika yin ta ba: "Wane abu ne in na yi kike jin ina tare da ke?" Amsar takan ba da mamaki. Wani yana can yana tara gajiya don ya yi kiran awa biyu, ashe abin da take so shi ne ta farka ta tarar da muryarsa, kuma ya tuna ya tambaye ta yadda taron da ta ce tana fargabarsa ya kasance.

Mataki na uku: ku ɗauki ƙaramin alkawarin da zai tsaya ko a mako mafi muni

A nan aka fi yin kuskure. Bayan an shirya, zuciya ta yi sanyi, sai mai laifi ya ce "daga yau kullum zan kira ki awa guda." Ya yi kwana uku, na huɗu aiki ya riƙe shi, sai ciwon ya dawo ya fi na da, don yanzu an haɗa da saɓa alkawari. Alkawari kaya ne, a ɗauki wanda wuya za ta iya. Ma'aunin shi ne makon da ya fi kowane wahala. Abin da za a iya cikawa a irin wannan mako shi ne alkawari, duk abin da ya ƙaru a kai kyauta ce.

Ga abin da ya dace da mutanen misalinmu. A ranakun aikinsa huɗu, kiran minti goma a hutunsa, ƙarfe 6 na yammarta. Kafin ya kwanta kuma ya bar mata saƙon murya na minti biyu ko uku, wanda za ta tarar da asuba. Ita ma ta bar masa nata kafin ta shiga aji, ya tarar in ya farka. An soke kiran ƙarfe 2 na dare gaba ɗaya. A cikin ranakun hutunsa uku, a ware biyu don doguwar hira ta awa ɗaya ko ɗaya da rabi, a sa musu rana da lokaci tun farkon mako. Ta ukun a bar masa ya yi barci da sauran hidimominsa, ita ma ta yi nata.

Saƙon murya ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne abin da bambancin lokaci ba ya iya hanawa. Amma akwai mai amfani, akwai na sauke nauyi. "Ina kwana, ya kike, na yi kewarki" in an maimaita shi kullum, bayan mako biyu ya zama kamar ƙararrawar agogo. Mai amfani yana ɗauke da abu ɗaya da ya faru a yinin, ko ƙarami ne, da amsa ga wani abu da ɗayan ya faɗa jiya, da tambaya guda. Waɗanda ke zaune gari ɗaya suna sanin ƙananan abubuwan juna ba tare da ƙoƙari ba: wa ya ɓata maka rai a wurin aiki, me ya ba ka dariya a hanya. Na nesa sai sun kai wa juna waɗannan da gangan, in ba haka ba wata rana za su wayi gari suna son juna amma ba su san rayuwar juna ba.

Sannan a yi dokar sokewa, wadda a ganina ta fi jadawalin kansa muhimmanci. Aiki zai ci wasu kiraye-kirayen, babu makawa. Dokar ita ce: wanda zai fasa ya sanar kafin lokacin, kuma ya kawo sabon lokaci a cikin saƙon. "Ranki ya daɗe, an kawo mara lafiya na gaggawa, ba zan samu hutu ba. Gobe ƙarfe shida naki, in Allah ya yarda." Rubuta wannan ba ya cin daƙiƙa 20. Idan aikin irin wanda ba a taɓa waya ne sam, a amince tun farko cewa in minti 15 ta wuce ba a kira ba, an fasa, mai jira ya tashi ya ci gaba da harkarsa, bayani zai zo daga baya. Kuma wanda ya fasa shi ke da alhakin kira na gaba.

A kuma ware hanyar gaggawa. Wayoyi suna da tsarin Do Not Disturb da ke barin kiran zaɓaɓɓun mutane ya shigo ko an rufe sauran. A sa juna a ciki, da sharaɗin cewa kira biyu a jere na nufin abu ya faru da gaske. Sanin cewa akwai ƙofar da za a iya ƙwanƙwasawa ko da tsakar dare yana rage fargaba sosai, ko da ba a taɓa amfani da ita ba.

Mataki na huɗu: ku raba wahalar

Idan tazarar ta kai awa 8 zuwa 12, sau da yawa babu lokacin da ya yi wa kowa daɗi, dole wani ya yi dare ko wani ya yi sammako. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne mutum ɗaya ya riƙa ɗaukar nauyin kullum, yawanci wanda aikinsa ya fi sassauci ko wanda ya fi tsoron rabuwa. Ba zai yi magana ba, amma yana ƙirgawa a ransa. A yi karɓa-karɓa: wannan mako ke za ki yi dare sau ɗaya, mako mai zuwa ni zan yi sammako. Haka ma fara tura saƙo da tuna ranakun hira, kada su zama aikin mutum ɗaya.

Maganar alamomin manhaja

Kalmar online da last seen da shuɗin maki biyu na WhatsApp sun haddasa rigimar da ba ta da iyaka. Ganin mutum online na minti biyu ba ya nuna yana da sararin hira, wataƙila saƙon wurin aiki ya duba. Amma shi ma mai aikin ya sani, buɗe saƙo a bar shi awa tara babu amsa yana da zafi. Ko dai kada ya buɗe sai zai amsa, ko ya rubuta "na gani, zan amsa da dare." Wasu masoyan sukan amince su kashe waɗannan alamomi gaba ɗaya, kuma yana taimakawa, in dai tare aka yanke shawarar. Wanda ya kashe nasa shi kaɗai washegarin faɗa, zargi ya ƙara hurawa.

Ga mai jira kuma, ina da magana da nake faɗa da tausayi. Idan yininki duka ya rataya a kan kiran ƙarfe shida, minti goma ba za ta taɓa isa ba, ko shi waye. Cika sa'o'in da yake barci ko aiki da mutane da abubuwan da kike so. Zai rage miki nauyin jira, kuma za ki zo hirar da labarin da za ki bayar.

Mataki na biyar: ku gwada mako huɗu, sannan ku duba

Ku ba tsarin wata guda, kuna ɗan bitarsa na minti goma duk ƙarshen mako: me ya yi aiki, me ya gagara, yaya jadawalin mako mai zuwa yake. Masu aikin da ranakunsu ke sauyawa su turo sabon jadawali da zarar ya fito.

Wannan wata gudan ne zai amsa tambayar da ke ƙasan zuciyar wanda ke jin an yi watsi da shi: aiki ne, ko son ne ya ragu? Mutumin da aiki ya danne amma zuciyarsa na nan yana da alamomi. Yana sanarwa in zai fasa, yana kawo wani lokacin da kansa, yana tuna abin da aka gaya masa, kuma in ranar hutunsa ta zo ana ganin bambanci. Wanda ya fara ficewa kuwa, ranar hutunsa da ranar aikinsa duk ɗaya ne. Yana fasawa ba ya mayarwa, amsoshinsa sun gajarce, ya daina tambaya, kuma duk lokacin da aka taɓo zancen gaba ko na ziyara sai ya kauce. Kafin a yanke hukunci a duba abu ɗaya: wanda ya janye daga kowa da kowa, barcinsa ya lalace, ya daina jin daɗin abubuwan da yake so a da, yana iya zama ciwon damuwa ne ko gajiyar aiki ta yi masa yawa, kuma wannan taimakon likita yake buƙata.

Haka nan akwai inda ƙorafin kansa ke wuce gona da iri. Neman a turo hoton inda ake kowane lokaci, neman lambar sirrin waya, kira ashirin a jere a lokacin aiki, ko barazanar rabuwa duk sanda aka makara, waɗannan sun tashi daga kewa sun koma mallaka. Jadawali ba ya gyara su, ƙara kira ma ba ya ƙosar da su.

Idan wata ya cika, an cika yawancin alkawuran, amma har yanzu ɗaya yana jin kaɗaici, to matsalar ta wuce agogo. Galibi tambayar da ba a amsa ba ce: yaushe wannan nisa zai ƙare? A zauna a sa ranar ziyara ta gaba a kalanda, ko da saura wata takwas, a kuma faɗi a fili wa zai koma wurin wa, me ake jira kafin hakan, ƙarewar karatu ne, ko kwantiragin aiki, ko takardun tafiya, kuma a wace shekara ake sa rai. Idan ɗaya ya kasa ko ya ƙi ba da amsa bayan an tambaye shi cikin natsuwa sau biyu ko uku a lokuta daban-daban, ɗayan yana da haƙƙin ya sa wa kansa wa'adin da zai iya jira, ya kuma sanar da shi wa'adin.